Yadda ake mayar da rubutun lacca zuwa shafin Cornell ba tare da sake kwafe littafi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a jami'a, sashen Tarihi. Na ga tsarin rubutu na Cornell, har na ja layukan a littafina, amma gefen hagu da gindin shafin kullum fayau suke, ban san abin da zan sa a ciki ba. Ga kuma littafi guda da na riga na cika shi gefe da gefe tun farkon zango. Sai na sake kwafe shi duka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki sake kwafe shi duka. Wancan littafin akwai yadda za a yi da shi yana nan yadda yake, zan zo kansa. Amma mu fara da wuraren da suke fayau, domin su ne tsarin. Babban filin da kike rubutu a ciki lokacin lacca bai bambanta da littafin kowace ɗaliba ba.

Wanda ya fito da tsarin shi ne Walter Pauk, malami a Jami'ar Cornell da ke jihar New York, a shekarun 1950, daga baya ya sa shi cikin littafinsa na dabarun karatu da ya fito a 1962. A kan takardar Amurka mai faɗin inci 8.5 ya auna: inci 2.5 a hagu na tambayoyi, inci 6 a dama na rubutun lacca, inci 2 a ƙasa na taƙaitawa. Takardar da ke hannunki mai yiwuwa A4 ce, faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7. Ki ja layi a tsaye santimita 6 daga gefen hagu, sai ya rage miki 15 na rubutu. Ki ja wani a kwance santimita 5 daga ƙasa, wato kamar layi shida na takarda mai layi-layi. A sama ki bar layi biyu na sunan kwas, kwanan wata, taken lacca da lambar shafi. Lambar shafin nan kada ki raina ta, in dai warwararrun takardu kike amfani da su, don rana ɗaya za su zube su cakuɗe. Ki ja layukan shafi biyar ko shida tun kafin ki shiga aji. Wadda ta tsaya neman rula malami yana magana ta riga ta rasa jimla uku.

In ƙaramin littafin rubutu ne, kada ki matse shi da santimita 6, abin da zai rage ba zai ɗauki jimla ba. Ki buɗe shi shafi biyu suna kallon juna, na dama ya zama na lacca kaɗai, na hagu ki raba shi: kashi biyu cikin uku na sama na tambayoyi, na ƙasa na taƙaitawa. Littafin zai ƙare da wuri, wannan shi ne farashinsa.

A cikin aji, hannunki a babban fili kawai yake aiki. Abu ɗaya nake so ki ƙara a kan yadda kika saba: duk lokacin da malam ya bar wata magana ya kama wata, ki tsallake layi ɗaya. In wani abu ya wuce ki, ki bar layi biyu ki sa alamar tambaya da fensir. Waɗannan giɓoɓin su ne za su nuna miki daga baya inda kowace tambaya za ta zauna. Gefen hagu kuwa kada ki taɓa shi a aji. Mai ƙoƙarin sauraro da rubutu da ƙirƙiro tambaya a lokaci guda, taken magana kawai take iya sa wa, kuma taken magana ba ya amfana komai a wannan gefen, kamar yadda za ki gani.

Aikin na gaske yana farawa bayan an tashi, a ranar, ko aƙalla kafin a kwana biyu. Dalilin gaggawar shi ne rubutun lacca rabinsa a takarda yake, rabinsa a kanki. Gajerun kalmomin da kika yanke da kibiyoyin da kika ja, yau kin san abin da suke nufi. Bayan mako uku za ki dube su kamar wata ce ta rubuta.

Bari mu ɗauki shafi guda daga fanninki mu yi aikin tare. A ce laccar a kan musabbabin jihadin Sakkwato ce, kuma ga abin da ya shiga babban fili. Naki da Turanci zai kasance, amma aikin ɗaya ne:

1. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haihuwa 1754, Maratta. Mazauni Degel, ƙasar Gobir. Yawon wa'azi Zamfara, Kabi.
2. Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, taron Idi a Magami. Shehu ya ƙi kyauta, ya nemi abu 5: izinin kira zuwa ga Allah, kada a hana mai amsa kira, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta haraji.
3. Nafata: ba mai wa'azi sai Shehu, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, hana rawani da lulluɓi.
4. Yunfa. Harin Gimbana, jama'ar Abdussalami. An kwance kamammu da aka biyo da su kusa da Degel.
5. Hijira Degel zuwa Gudu, Fabrairu 1804. Mubaya'a.
6. Tafkin Kwatto, Yuni 1804, Gobir ta sha kashi. Alƙalawa ta faɗi 1808.

Da farko ki karanta shi sau ɗaya daga sama har ƙasa da biro a hannu, ki cika kalmomin da kika yanke, ki cike giɓin da kika bari daga littafin ƙawarki ko takardun da malam ya raba. A nan za ki lura, misali, cewa kin rubuta "mubaya'a" ita kaɗai. Wa aka yi wa, a matsayin me? Ki ƙara yanzu: jama'a sun yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina. Lambobin da kika gani a gefen kowane guntu ma a wannan karatun ake sa su.

Sannan ki koma hagu. Daidai da kowane guntu, a layi ɗaya da farkonsa, ki rubuta tambayar da guntun yake amsawa. A nan yawancin ɗalibai suke zamewa, don haka zan daɗe a kai.

Abin da hannu yake fara rubutawa a gefen guntu na 2 shi ne "Bawa Jan Gwarzo". Ki gwada rufe dama ki dubi wannan sunan. Me yake nema daga gare ki? Ba komai. Za ki ce a ranki, "E, na san shi, Sarkin Gobir ne," ki wuce, alhali abubuwa biyar ɗin nan ko uku ba za ki iya kawowa ba. Suna yana sa ki ji kin sani. Tambaya tana tilasta ki nuna. Abin da ya dace a wurin shi ne: "Waɗanne abubuwa 5 Shehu ya nema a Magami?" Ki lura da lambar. Ita ce za ta hana ki yaudarar kanki, don in kin kawo huɗu kin san saura ɗaya.

Zamewa ta biyu ita ce tambayar da ta zo da amsarta a goye. "Me ya sa Nafata ya hana rawani da lulluɓi?" tambaya ce mai kyau a wani wurin, amma a gefen guntu na 3 ta riga ta ba ki kashi ɗaya cikin uku na abin da ake so ki tuno. Ki rubuta: "Dokokin Nafata 3 a kan jama'ar Shehu?" Haka nan tambayar da ake amsawa da e ko a'a, irin "Shin Gobir ta ci yaƙin Tafkin Kwatto?" Ko wadda ba ta shiga aji ba tana da rabin damar cinkarta.

Ta uku ita ce tambayar da ta fi guntunta girma. In kika sa "Tattauna musabbabin jihadi" a gefen guntu na 4, ba za ki iya auna amsarki da abin da ke dama ba, domin layi biyu ne kawai a wurin. Ma'aunin da nake ba ɗalibai shi ne: tambayar gefe ta zama wadda za a amsa da baki cikin rabin minti ko ƙasa da haka, kuma a iya duba dama a ce an ci ko an faɗi. Ga guntu na 4, "Me ya faru a Gimbana, kuma ta yaya ya taɓa Degel?" ta isa.

Idan kin gama, gefen hagu zai zama kamar haka:

1. Shehu: shekara da wurin haihuwa? Ina ya zauna, ina ya yi wa'azi?
2. Waɗanne abubuwa 5 ya nema a Magami, a hannun wa?
3. Dokokin Nafata 3?
4. Me ya faru a Gimbana, ta yaya ya taɓa Degel?
5. Hijira: daga ina zuwa ina, yaushe, me ya biyo baya?
6. Yaƙin farko da faɗuwar babban birnin Gobir: wuri da shekara?

Dubi ta 6. Ban rubuta Tafkin Kwatto ko Alƙalawa ba da gangan, don sunayen suna cikin abin da za a tuno.

Har yanzu da saura. Duk shidan nan tambayoyin "me" da "yaushe" ne, malamin Tarihi kuwa ba kasafai yake tambayar haka a jarrabawar zango ba. Shi "tattauna" da "kwatanta" yake cewa. Saboda haka a ƙasan gefen hagu, dab da layin kwance, ki ƙara tambaya ɗaya da ba wani guntu guda da ya amsa ta, sai an haɗa biyu ko uku. Ki sa mata tauraro. A wannan shafin ga ta: "Kwatanta buƙatun Magami da dokokin Nafata: wanne ya soke wanne?" In kika zauna da ita minti biyu za ki ga abin da malam mai yiwuwa bai faɗa a fili ba. Shehu ya nemi kada a hana mai amsa kira, Nafata ya ce wanda bai gaji addinin ba ya koma. Shehu ya nemi a girmama mai rawani, Nafata ya hana rawanin. Wato dokokin sun bi sassaucin da aka samu a zamanin Bawa suna warware shi. Wannan sakin layi guda ne cikakke na amsar jarrabawa, kuma ba ya cikin rubutunki sai da tambayar ta fito da shi.

Tambaya biyar zuwa bakwai a shafi ita ce daidai a ganina. In kin ga sun kai goma sha biyar, kina mayar da kowace jimla tambaya ne, kuma ba za ki iya bitarsu ba idan shafuka suka kai arba'in. In biyu ne kacal, sun yi faɗi.

Yanzu gindin shafi. Shi ne na ƙarshe da ake cikawa, kuma ana cika shi ne babban fili yana rufe. Jimla biyu ko uku, da kalmominki. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a rubuta jerin abin da shafin ya ƙunsa: "Wannan shafi ya yi magana a kan Shehu, Bawa, Nafata, Yunfa, hijira da yaƙi." Duk gaskiya ne, amma ba a ce komai ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: in jimlarki ta fara da "an yi bayani a kan", ko kuma ba "saboda", "sai", "amma" ko "don haka" a cikinta, to jeri kika yi. Taƙaitawa tana faɗin yadda guntayen suka haɗu. Ga ta wannan shafin:

"Dangantakar Shehu da sarakunan Gobir ta taɓarɓare mataki-mataki: Bawa ya ba da sassauci, Nafata ya janye shi da doka, a zamanin Yunfa abin ya kai ga makami. Rikicin Gimbana ya sa zama a Degel ya gagara, don haka aka yi hijira a 1804, jama'a ta naɗa shugabanta, yaƙi ya biyo baya har Alƙalawa ta faɗi a 1808."

Jimla biyu ke nan, sun shiga layi shida. In kin ga taki tana neman tsallake layin ta hau sama, ba wurin ne ya yi kaɗan ba, kina kwashe bayanai ne daga dama. Abubuwa biyar na Magami ba su da gurbi a nan, suna da tambayarsu. In kuma kin zauna kin kasa haɗa jimla ko ɗaya, wannan labari ne mai amfani: kin rubuta laccar ba ki fahimce ta ba, kuma gara ki sani yau da ki sani a ɗakin jarrabawa. Ki faɗi abin da baki da Hausa tukuna, kamar kina yi wa ƙanwarki bayani, sannan ki rubuta shi da harshen da za ki yi jarrabawa da shi. Tambayoyin gefe ma da harshen jarrabawa za ki rubuta su, da kalmomin fannin yadda malam yake faɗinsu, don su za ki gani a takardar tambaya.

Wani lokaci magana ɗaya takan ci shafi uku. Kada ki tilasta wa kowane shafi cikakkiyar taƙaitawa. Na farko da na biyu ki sa jimla ɗaya-ɗaya, ta gaske ta zo a na uku.

Duk wannan shiri ne. Amfanin yana zuwa ne idan kika ɗauki farar takarda kika rufe dama, kika karanta tambaya, kika amsa da murya ko a rubuce, sannan kika zame takardar kika duba. Kamar mai tilawa ne da ya kife allo ya kawo daga ka, ba wanda yake bin rubutu da yatsa yana gyaɗa kai ba. Amsawa a zuci ba ta wadatarwa, domin zuciya tana tsallake wurin da ba ta sani ba ba tare da ta gaya miki ba. Ki sa alama da fensir kusa da kowace tambaya: maki in kin kawo duka, rabin da'ira in kin kawo wasu, gicciye in kin kasa. Ki yi haka a ranar, ki sake bayan kwana biyu ko uku, sannan sau ɗaya a mako. A bitar mako, masu gicciye da rabin da'ira ake fara bi. Tambayar da ta sha gicciye sau uku a jere galibi ba kanki ne matsalar ba, ta yi nauyi ne, ki raba ta biyu.

Wannan matakin ba son wahala ba ne. A wani bincike da Roediger da Karpicke suka wallafa a 2006, an ba ɗalibai rubutu su karanta, wasu suka sake karantawa, wasu aka ɗauke takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda lamarin ya juye: masu tunowa sun kawo kusan kashi 56 cikin ɗari, masu maimaita karatu kusan 42. Shi ya sa sake karanta littafi yake da daɗi a daren da ake yinsa. Su kuwa layukan Cornell su kaɗai, binciken da aka yi a kansu bai tsaya a magana ɗaya ba, kuma ban yi mamaki ba: shafin da aka ja wa layi ba a taɓa rufe damansa ba, littafi ne kawai mai ƙaramin fili.

To, littafinki da ya cika. Ki ɗauki jan biro ki bi shi shafi-shafi. Ki sa wa shafukan lamba in ba su da ita, ki ja ɗan gajeren layi duk inda magana ta canja, ki sa wa kowane guntu lamba a da'ira. Sannan ki samo takardar A4 ki ninka ta biyu a tsaye. A rabin hagu ki rubuta tambayoyin, kowace da adireshinta, misali 14/3, wato shafi na 14 guntu na 3. Rabin dama na amsawa ne lokacin bita, da fensir. A ƙasa ki ja layin santimita 5 na taƙaitawa. Takarda ɗaya takan ɗauki lacca guda, ki maƙala ta a farkon laccar. Wannan ma yana da wata fa'ida a kan shafin asali: amsar ba ta kusa da idonki sam, sai kin buɗe littafi. Haka za ki yi da takardun da malam ya raba ko hotunan allo da ke wayarki.

Kada ki ce za ki gama tsohon littafin a zama ɗaya. Laccar yau ita ce farko kullum, domin ita ce mai saurin gudu, sannan ki ƙara tsohuwa ɗaya. Sabuwar lacca mai shafi uku ko huɗu takan ci minti ashirin zuwa talatin, tsohuwa ta fi haka saboda cike giɓi. Sake kwafewa kuwa ki ajiye shi ga shafin da ya hargitse har ba ya lambatuwa, inda malam ya yi gaba ya dawo baya sau uku. Ko shi ɗin, ki fara rubuta tambayoyin a jere yadda ya kamata, sannan ki kwaso amsoshin ƙarƙashinsu a gajarce.

Akwai inda tsarin ba ya zama daidai sai an lanƙwasa shi. A kwas mai lissafi, irin ƙididdigar da akan haɗa wa ɗaliban zamantakewa, haddace matakai da baki ba ya koya miki warware sabuwar matsala. A can, tambayar lissafin kanta ce za ta zauna a hagu, warwarar a dama, kuma bita tana nufin ki rufe ki sake warwarewa a wata takarda. Gindin shafi ya faɗi yaushe ake amfani da wannan hanyar da yadda ake gane ta a tambaya. Taswira ma haka: in malam ya zana Gobir, Zamfara, Kabi da Katsina a allo, ki bar zanen ya ci faɗin shafin duka, ki sa wa wuraren lambobi maimakon sunaye, sunayen su koma bayan takardar. Tambayarki a nan guda ce, "Sa sunan 1 zuwa 8," sai ki juya ki duba.